Taswira ta ce kilomita 3.7, babur ya ce 6.8, wa za mu bi?

Abban Sadiq:
Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah masu sanin taswira ku taimaka min. Ƙungiyar cigaban garinmu za ta rubuta takardar neman gyaran hanyar burji da ta tashi daga masallacin Juma'a na ƙauyenmu zuwa bakin kwalta, an ce lallai mu sa tsawon hanyar a ciki, ni ne sakatare aka ɗora min. Na samo fotokwafin wata tsohuwar taswirar yankinmu wajen wani abokina, a ƙasanta an rubuta 1:50,000. Na sa rula daga alamar ƙauyen zuwa inda hanyar ta haɗu da kwalta na samu santimita 7.4. Na yi 7.4 sau 50,000 ya ba ni 370,000, toh daga nan kaina ya kulle, 370,000 ɗin me kenan? mita ne ko me?

Auwal Kwakwa:
Wslm Yaya. Santimita ne, abinda ka auna da shi shi zai fito maka. 1:50,000 ma'anarsa santimita ɗaya a takarda santimita 50,000 ne a ƙasa. Ka raba 370,000 da 100 ya zama mita 3,700, ka sake rabawa da 1,000 ya zama kilomita 3.7. Shikenan, ka rubuta 3.7 ka huta

Zainab SS3:
Haka malaminmu na jogirafi ya koya mana don WAEC, ya ce in sikelin 1:50,000 ne kawai ka raba santimitar gida biyu, don santimita 2 shi ne kilomita 1. In kuma 1:100,000 ne santimita 1 kilomita 1 ne kai tsaye. 7.4 rabinsa 3.7 daidai

Abban Sadiq:
Na gode Auwal, na gode ƙanwata. Amma fa nan ne matsalar ta fara, don wlh hanyar nan ta fi kilomita 3.7. Tun ina yaro nake binta, da ƙafa ba ka yinta ƙasa da awa ɗaya da rabi in ba sauri kake ba. Yau da yamma na sa ƙanena ya ɗauke ni a babur muka duba mitar babur ɗin daga ƙofar masallaci zuwa kwalta ta ba mu 6.8. Kusan ninki biyu fa. In na rubuta 3.7 suka zo suka ware kuɗin 3.7 aikin ya tsaya a tsakiyar daji, ni mutanen gari za su tuhuma.

Auwal Kwakwa:
To ai rula miƙe take aunawa, hanya kuma tana lanƙwasa, ga hawa da gangara. Shi yasa. Lissafin dai daidai yake

Sadi Dillali:
Assalamu alaikum, wai filin nawa ne faɗinsa? in hamsin da ɗari ne ba sai an sha wahalar taswira ba, a ja tef kawai, ina da yaro mai awo

Abban Sadiq:
Ba fili ba ne Alhaji Sadi, hanya ce ta kilomitoci

Sadi Dillali:
Au to afuwan ban karanta daga sama ba

Baba Safiyo:
Salamu alaikum. Na ga zancen sai yanzu na samu zama. Auwal lissafinka bai da kuskure, kuma gaskiya ne rula miƙe take aunawa, amma lanƙwasa kaɗai da wuya ta mai da 3.7 ta koma 6.8 sai dai in hanyar kewaya wani dutse ko fadama take gaba ɗaya. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai cikin bayanin Abban Sadiq, ya ce fotokwafi. Ɗana, takardar da ke hannunka girmanta kamar yaya, irin ta rubutun wasiƙa ce A4? kuma a ƙasan taswirar ban da wannan 1:50,000 akwai wani layi mai gaɓa-gaɓa baƙi da fari kamar rake, da lambobi a kansa 0, 1, 2, 3?

Abban Sadiq:
Eh Baba A4 ce. Layin ma yana nan, har guda biyu ne ma ɗaya a saman ɗaya

Baba Safiyo:
Madalla, to mun tsira. Ɗaya na kilomita ne ɗaya na mil, tsofaffin taswirorinmu da yawa haka suke zuwa. Ka duba wanda aka rubuta kilomita ko mita a jikinsa, kar ka taɓa na mil, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in ka haɗa su ka ɓata aikin. Ka sa rularka a kan na kilomita ka auna daga 0 zuwa 1 ka faɗa min santimita nawa ne. In takardar tana nan yadda aka buga ta tun asali dole ka samu santimita 2 cif.

Abban Sadiq:
Na samu 2.8 Baba

Baba Safiyo:
Daga ina ka fara, daga ƙarshen layin na hagu ko daga inda aka rubuta 0? Ka duba da kyau, sifilin ba a bakin layin yake ba. Akwai gaɓa ɗaya a hagun sifili wadda aka yayyanka ƙanana, ita ma kilomita ɗaya ce an raba ta ne don a riƙa karanta ɗaruruwan mita. In ka fara daga can ƙarshe ka tsaya a 1 to kilomita biyu ka auna.

Abban Sadiq:
Kai, haka ne wlh daga ƙarshe na fara. Yanzu daga 0 zuwa 1 ya ba ni 1.4

Baba Safiyo:
To ga ɓarawon nan mun kama. Mai injin fotokwafi ya rage girman taswirar ne don ta shiga takardarsa. Abinda suka fi yi shi ne a ɗauko abinda ya cika A3 a matse shi cikin A4, wannan kuwa yana mai da kowane tsawo kashi 71 cikin ɗari na yadda yake. Santimita 2 ta koma 1.4 kenan, ka ga ya yi daidai da abinda ka samu. Injin ya rage hanya, ya rage rafi, ya rage layin sikeli duk tare, amma rubutun 1:50,000 ƙanƙancewa kawai haruffansa suka yi, lambar ba ta canza ba, sai ta zauna a ƙasan takarda tana faɗin abinda ba shi ne ba. Taswirar da ke hannunka yanzu wajen 1:70,000 ce. Shi yasa mu a aiki in aka miƙo mana kwafi ba ma kallon lambar sam, layin muke fara aunawa, tunda shi duk abinda ya samu taswirar ya same shi.

Yanzu ga yadda za ka yi. Kar ka tsaya a kan kilomita ɗaya, gajere ne, in idonka ya kauce da rabin milimita kuskuren zai bi ka har ƙarshen lissafi. Auna daga 0 zuwa 5 in layin ya kai, sai ka raba da 5.

Abban Sadiq:
Daga 0 zuwa 5 santimita 7.1 ne. In na raba da 5 ya zama 1.42

Baba Safiyo:
Yauwa. A takardarka kilomita ɗaya santimita 1.42 ne, ka rubuta shi a gefen takardar da biro don wanda zai ɗauke ta bayanka. Yanzu 7.4 ɗinka ka raba da 1.42, zai ba ka kilomita 5.2. Wannan shi ne nisan a miƙe, yadda tsuntsu zai tashi daga masallaci ya sauka bakin kwalta.

Auwal Kwakwa:
Gsky ban taɓa tunanin fotokwafi na canza sikeli ba, na ɗauka tunda lambar na nan shikenan. Amma Baba har yanzu da saura, 5.2 zuwa 6.8 kilomita ɗaya da rabi ne fa. Ni dai ina nan kan bakana, hawa da gangara na ciki, taswira a shimfiɗe take ƙasa kuma ba a shimfiɗe take ba

Baba Safiyo:
Taswira nisan shimfiɗe take bayarwa, wannan ka faɗi daidai. Amma ka gwada da lamba ka ga abin mamaki. A ce hanya kilomita 5 ce a shimfiɗe, kuma daga farkonta zuwa ƙarshenta ta hau mita 100, wanda a ƙasa irin ta Kano ko Katsina ba ƙaramin hawa ba ne. Tsawon da taya za ta bi mita 5,001 ne. Mita ɗaya tak ta ƙaru. Hawa yana gajiyar da ƙafa ne sai mutum ya ji kamar hanyar ta yi tsawo, amma a awo ba ya taɓuka komai sai wurin ya yi tsayi sosai irin hawan Mambila, can ma lanƙwashe-lanƙwashen da hanya ke yi don ta iya hawa su suka fi ƙara nisan.

Auwal Kwakwa:
Mita ɗaya?? bari na danna a kalkuleta

Auwal Kwakwa:
Haka ne kuwa 5,001. To na janye maganar gangara, lanƙwasar dai tana nan

Maman Hanifa:
Sannunku. Ni ɗinki nake amma na yi jogirafi a sakandare kuma abin nan na zare ban manta shi ba. Abban Sadiq ka samo zaren ɗinki, ka ƙulla ƙarshensa ko ka ɗiga masa biro, ka ɗora ƙullin a kan ƙauyen, ka riƙa kwantar da zaren kan hanyar kaɗan kaɗan kana dannewa da farce duk inda ta karya kwana har ka kai kwalta, nan ma ka ɗiga biro, sai ka ɗauke ka miƙar da shi kan rula. Abu ɗaya, kar ka ɗauki zaren saƙa ko wani mai roba a jiki, yana miƙewa in ka ja, za ka ga ya ƙara maka tsawon da babu shi. Na auduga ko wanda muke ɗinki da shi ya fi, kuma in ka zo miƙarwa kar ka ja shi da ƙarfi

Abban Sadiq:
Na karɓo zare wajen uwargida. Sai da na yi sau uku don yana ta zamewa, na farko 8.6 na biyu 8.9 na uku 8.8

Maman Hanifa:
Ka riƙe 8.8 ɗin tunda shi ne a tsakiya

Zainab SS3:
8.8 a raba da 1.42 = 6.2. An kusa!

Issoufou Maradi:
Barkanku da hira 'yan uwa. Mu nan Nijar taswirorin da muka fi gani 1:200,000 ne, santimita 1 kilomita 2. Na taɓa auna hanyar garinmu zuwa kasuwar da muke ci da zare kamar yadda Hajiya ta ce, abinda na samu ya gaza abinda mota ta nuna sosai, kuma tawa ta asali ce ba kwafi ba, na auna layin sikelin ma daidai yake. Baba mi ya kawo wannan?

Baba Safiyo:
Malam Issoufou taka matsalar daban ce. A 1:200,000 milimita ɗaya mita 200 ce a ƙasa. Kwanar da hanya ta yi ta kewaye gona ko kududdufi mai faɗin mita 100, a takarda rabin milimita ce, kaurin layin da aka zana hanyar da shi ma ya kai haka. Mai zanen ba shi da wurin sa ta, sai ya miƙar da layin ya wuce. Zarenka ya bi abinda aka zana da gaskiya, abinda aka zana ne ya riga ya zubar da ƙananan kwanoni. Duk sanda lambar bayan ta ƙara girma, 200,000, 500,000, miliyan, hanya mai lanƙwasa tana ƙara gajarcewa a takarda. Shi yasa awon zare kusan kullum ƙasa yake faɗowa, da wuya ka ga ya zarce gaskiya.

Ko a 1:50,000 ma akwai wannan, kaɗan ne dai. Milimita ɗaya mita 50 ce, a kwafin Abban Sadiq kuma mita 70. Wato tsakanin 8.6 da 8.9 da ya samu akwai mita 200 da 'yan kai, daga rawar hannu kawai.

Issoufou Maradi:
Na gane yanzu, Allah shi saka da alheri

Baba Safiyo:
Amin. Ɗana Abban Sadiq ka ƙara gwada wata hanyar mu gani, ni ita na fi yarda da ita fiye da zare, ba don ta Maman Hanifa ba ta da kyau ba, sai don zare yana son yanke kwana in hannu bai saba ba. Samo farar takarda mai miƙaƙƙen gefe da fensir mai tsini. Ka ɗora gefen takardar a farkon hanya ka yi ɗan alama. Ka bi hanyar har inda ta fara karkata, ka yi alama a nan, a jikin takardar da jikin taswirar. Sai ka kafa tsinin fensir a kan alamar kar ya motsa, ka juya takardar a kansa har gefenta ya sake kwanciya kan hanyar, ka ci gaba zuwa kwana ta gaba. Inda hanyar ta yi baka ka yayyanka ta gajeru gajeru, kar ka yi ƙyashin alamomi. In ka kai kwalta ka auna daga alamar farko zuwa ta ƙarshe sau ɗaya.

Kuma ku duka ku kula da rular kanta. Yawancin rulolin 'yan makaranta sifilinsu ba a bakin rula yake ba, akwai ɗan fili kafin a fara lamba. Wasu kuma bakin ya cinye. In taka haka take ka fara daga 1 ka cire 1 a ƙarshe.

Maman Hanifa:
Baba ni dai zare bai taɓa ba ni kunya ba, sai dai in mutum bai iya riƙe shi ba. A rafi mai murɗe-murɗe takardar nan alama nawa za ka yi, hamsin?

Baba Safiyo:
A rafi na ba ki gaskiya 'yata, can zare ya fi sauƙi. A hanyar mota mai miƙewa ta karya ta miƙe ta karya ni takarda nake ɗauka.

Habu Na Makaranta:
Tunda ana maganar, akwai taswirar duniya babba a bangon ajin da nake koyarwa, na so in sa yara su auna Kano zuwa Makka da Kano zuwa Landan da rula. Haka za mu yi mu ma?

Baba Safiyo:
A'a Malam Habu, a nan rula za ta yaudare ku. Duniya dunƙulalliya ce, in an shimfiɗa ta gaba ɗaya a takarda dole wani wuri ya miƙe. A irin taswirar bango da aka fi sani sikelin da aka rubuta ba ya aiki sai a tsakiyar duniya, kana yin arewa abubuwa na ƙara kumbura, a latitud 60, wato digiri 60 arewa da tsakiyar duniya, ya ninka biyu. Shi yasa za ka ga tsibirin Girinlan na can arewa kamar ya kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Na Makka zai ɗan fi kusa da gaskiya, na Landan zai zarce sosai. In akwai ƙwallon duniya a makarantar ku sa zare a kansa. Taswirar ƙaramar hukuma ko ta jiha babu wannan damuwar.

Abban Sadiq:
Na dawo. Na yi ta takarda sau biyu, duka 9.2 na samu. 9.2 raba 1.42 ya ba ni 6.5 in an cike. Saura mita 300 kenan tsakanina da babur

Auwal Kwakwa:
Mitar babur ma fa ba wahayi ba ce Yaya, in an canza taya ko iska ta yi ƙasa tana ƙara lamba, ga kaucewa ramuka da kuke yi hagu da dama a burji

Abban Sadiq:
Akwai kuma wani abu da na tuna yanzu. Wajen rafin nan na tsakiya, a taswira hanyar ta ratsa kai tsaye, amma tun shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin mutane suka koma zagayawa ta bayan gonakin suna tsallakawa ta inda yashi ya fi tauri. Mu ta zagayen muka bi da babur. Taswirar kuwa ta girme ni.

Baba Safiyo:
To ka ga wannan rula ba za ta gaya maka ba. Mai yiwuwa mita 300 ɗinka na nan a zagayen, mai yiwuwa rabi na zagayen ne rabi na mitar babur, daga inda nake zaune ba zan iya rabewa ba. Tambayar da za ku amsa a ƙungiya ita ce wace hanya kuke neman a gyara, tsohuwar da sabon kwalbati ko zagayen. In tsohuwar ce ni zan rubuta kimanin kilomita 6.5, in sa kalmar kimanin, in kuma ambaci kwalbatin daban don shi kuɗinsa ba a tsawo yake ba. Injiniya in ya zo zai sake awonsa da kayan aiki ko me kuka rubuta.

Auwal Kwakwa:
Ni da ni ne 7 zan rubuta, gara ya yi saura da ya gaza

Maman Hanifa:
A'a Auwal, in suka zo suka auna suka ga 6.5 sai su ce an yi musu ƙari, duk takardar ta zama abin zargi. A rubuta abinda aka auna

Auwal Kwakwa:
Ai babur ya ce 6.8 Hajiya, 6.8 in ka cike 7 ne, ba ƙarya aka yi ba

Zainab SS3:
Baba tambaya, in fotokwafin ya yanke layin sikelin gaba ɗaya fa, lambar kawai ta rage ko ita ma babu? an taɓa ba mu irin haka a aji

Baba Safiyo:
Ki duba gefen taswirar na hagu ko na dama, in lambobin latitud sun fito kin samu mafita. Digiri ɗaya na latitud wajen kilomita 111 ne, minti ɗaya kuma, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wajen kilomita 1.85. Ki auna tsakanin alamomi biyu, misali masu tazarar minti 5, kin san wannan kilomita 9 da kwata ne, a 1:50,000 ta asali zai ba ki wajen santimita 18 da rabi, in kin samu 13 kin san an rage ta kamar ta Abban Sadiq. Gefen hagu ko dama fa na ce, kar ki yi da na sama ko na ƙasa, waɗancan na longitud ne tazararsu tana raguwa in ana yin arewa. In su ma an yanke su sai ki nemi wurare biyu a taswirar da kika san nisansu tabbas ki fitar da sikelin daga nan.

Abban Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ranar Juma'a bayan sallah akwai zaman ƙungiya zan kai musu maganar tsohuwar hanya ko zagaye. Kafin nan gobe da safe zan ari babur ɗin maƙwabcina mu sake bi, wannan karon zan rubuta lambar mita a masallaci, a farkon zagayen, a ƙarshensa, da bakin kwalta, sai in auna kowane yanki daban a taswira in ga inda mita 300 ɗin ta shige. Baba in na turo lambobin za ka duba min?

Baba Safiyo:
Turo su in sha Allah. Ka duba iskar tayar kafin ku tashi.